Hawa-hawa ko Bai-ɗaya: Yadda Za Ki Zaɓi Yankan da Ya Dace da Gashi Mai Yawa da Ke Bajewa

A shekarun da na yi ina gyaran gashi a garin Gombe, koke biyu nake yawan ji daga mata masu cikar gashi, kuma sau da yawa mace ɗaya ce take kawo su tare. Na farko shi ne gashin ya yi mata nauyi, yana riƙe zafi da gumi, ga shi ba ya bushewa da wuri idan an wanke. Na biyu shi ne da zarar ta kwance ribom sai ya baje ya tashi, ya ƙi kwanciya ko da ta shafe shi da mai. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne waɗannan koke biyu suna jan juna ne ta fuskoki mabambanta, domin nauyin da ake kuka da shi, shi ne dai yake danne gashin ya hana shi ƙara tashi. Duk wadda ta rage nauyin ba tare da lissafi ba, to ta ɗauke dutsen da ke danne tabarma ne a ranar iska. Saboda haka tambayar da za ki riƙe tun daga farko har ki tashi daga kujerar mai gyara ita ce: daga ina za a rage nauyin, kuma nawa za a bari don ya ci gaba da riƙe sauran?

Yankan bai-ɗaya shi ne a taje gashi duka ƙasa a yanke shi a kan layi guda, ta yadda gashin tsakar ka da na ƙeya za su ƙare a wuri ɗaya. Yankan hawa-hawa kuwa, wanda a salun ake kira leya, shi ne a ɗaga gashi daga fatar kai kafin a yanke, ta yadda idan aka sake shi na sama zai ƙare a sama da na ƙasa, kamar matakalar bene. Na farko yana tara nauyi a baki, na biyu yana rarraba shi a kan tsawon gashin.

Mataki na farko: ki ga gashin a yadda Allah ya yi shi

Ba a yanke hukunci a kan gashin da aka tsefe daga kitso yanzu, domin kitso yana barin lanƙwasa a jikin kowane sili, gashin kuma ya ninka girmansa na gaskiya. Haka nan ba a yanke hukunci a kan wanda ya kwana biyu yana shan man kaɗanya, domin man ya kwantar da shi ya kuma ƙara masa nauyin da ba nasa ba. Ki wanke shi sosai, ki sa kwandishana ki ɗauraye, ki taje shi da kum mai manyan haƙora tun yana da danshi, sannan ki bar shi ya bushe da kansa a sake, ba ɗankwali, ba ribom, ba diraya. Gashi mai yawa yana iya cin rabin yini kafin cikinsa ya bushe, don haka ki zaɓi ranar da kike gida.

Sau da yawa a nan ake gano cewa rabin nauyin ba na gashi ba ne. Mai a kan mai na makonni, da ƙurar hunturu da ta manne a kansa, da ɗaure gashi yana jiƙe a ƙarƙashin hijabi, duk suna sa kai ya yi nauyi. Ciwon kan da wasu ke ji da yamma kuma galibi daga matsewar ribom ne a wuri ɗaya kullum. Idan bayan wankin nan kika ji kan ya yi sakayau, to almakashi ba shi da babban aiki a kanki.

Mataki na biyu: yawa ne ko kauri?

Muna cewa gashi mai kauri alhali abubuwa biyu muke nufi. Akwai yawan silin da ke kai, akwai kuma kaurin kowane sili shi kaɗai. Don gane yawa, ki tattara gashin duka kamar za ki tufke shi, ki zagaya gindin da tef ɗin awo na tela. Masu sana'ar suna ɗaukar abin da ya haura inci 4 a matsayin gashi mai cika, abin da bai kai inci 2 ba kuma mara cika. Don gane kauri, ki ɗauki sili ɗaya da ya fita a kum ki ajiye shi kusa da zaren ɗinki, ko ki murza shi tsakanin yatsu biyu. Idan kina jinsa sarai kamar waya, mai kauri ne, idan kuwa da ƙyar kike jinsa, siriri ne.

Amfanin wannan rarrabewa yana bayyana bayan an yanke. Sili mai kauri yana da tauri, idan aka gajarta shi sai ya miƙe tsaye kamar tsinken tsintsiya, don haka yana buƙatar tsawo kafin ya lanƙwasa ya kwanta. Silin da yake siriri amma mai yawa ya fi saurin kwanciya, sai dai idan aka yi masa hawa da yawa bakinsa yana yin shara-shara har a riƙa hango riga ta cikinsa.

Mataki na uku: ki nemo inda bajewar take

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ki tsaya gaban madubi da gashin a bushe a sake, ki sa a ɗaukar miki hoto ta baya da waya, sannan ki dubi siffar kan gaba ɗaya daga nesa kaɗan.

Idan saman kan ya kwanta lafiya amma ƙasan ya buɗe ta kowane gefe, kai ya zama kamar jinkar ɗaki, to bajewar a baki take. Dalilinta a fili yake: dubban sili suna ƙarewa a layi guda, kowanne yana neman wuri, sai su riƙa ture juna waje, kamar yadda tsintsiya take a matse a wurin ɗauri amma a baje a baki. Ana yawan ganin haka a gashi mai taushi da lanƙwasa irin wanda ya yawaita a gidajen Fulani a nan Gombe, musamman idan an yanke shi bai-ɗaya tsakanin haɓa da kafaɗa. Tsawon kafaɗa daidai shi ya fi muni, domin bakin yana dukan kafaɗa ya juya waje. Wannan ita ce bajewar da hawa-hawa yake magancewa, amma dogon hawa, wanda mafi gajartarsa ba ta fara ba sai ƙasa da haɓa.

Idan kuwa kan ya yi zagaye kamar an kifa ƙwarya, faɗin ya fi yawa a daidai kunnuwa ko sama da su, to gashin sama ya rasa nauyin da zai ja shi ƙasa. Galibi an taɓa yi masa gajeren hawa ne, ko kuma ya kakkarye a tsakiya. Ƙara hawa a kan irin wannan kai ƙara wa wuta makamashi ne. Abin da yake buƙata shi ne a daidaita bakin ƙasa kawai, a ƙyale na sama ya yi tsawo ya riski ɗan'uwansa.

Idan tashin daga gindi yake, sauran gashin kuma a miƙe, kuma kina sa rilaza, to sabon toho ne yake ɗaga tsohon gashi. Babu yankan da zai canja wannan. Ko dai a jira lokacin taɓa tohon, wanda bai kamata ya gaza mako 8 daga na baya ba, ko a riƙa kwantar da shi da danshi da ɗauri. Gashin da ya sha rilaza shekara da shekaru yakan cika a gindi ya sirance a baki, domin bakin ne ya fi daɗewa yana shan wahala, saboda haka bai-ɗaya ya fi yi masa kyau nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wata bajewar da take kamar hayaƙi a saman gashin, ƙananan sili suna tashi ko'ina alhali siffar kan ba ta lalace ba. Wannan maganar danshi ce. A watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsaka, silin da fatarsa ta buɗe yana shan raɓar iska ya kumbura ya lanƙwashe. A Disamba da Janairu kuwa iskar hunturu tana busar da shi har sili ya riƙa gudun ɗan'uwansa. Idan kin lura cewa matsalarki tana zuwa da lokaci tana tafiya da lokaci, to kwandishana da sitimin da rufe kai da ƙyalle mai santsi da dare su ne maganinta.

Sai mai gashi mai ƙanƙancewa, irin wanda idan an jiƙa shi yake komawa rabin tsawonsa ko ƙasa da haka. Tashi ɗabi'arsa ce, kuma ni ban ga aibu a ciki ba. Irin wannan gashi ba ya rataya balle nauyi ya ja shi ƙasa, don haka idan yawancin kwanakinsa a kitse yake ko a tufke, abin da ya fi shi ne a miƙar da shi da diraya a daidaita bakinsa, a tsaya nan.

Mataki na huɗu: ki auna da yadda kike zama da gashin

Hotunan da mata ke nuna mini a waya kusan dukansu na gashin da ake saki ne daga safe har dare. Mu kuwa gashinmu yana wuni ne a tufke ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, ko a cikin kitso na mako biyu ko uku, sai a cikin ɗaki ake sakinsa. Yankan da ya yi kyau a hoto amma ya ƙi shiga ribom ya zama wahala ta kullum.

Hawa-hawa yana da illa biyu a irin rayuwarmu. Ta farko, gajerun hawa suna zamewa daga tufka su fito ta gefen ɗankwali da ta ƙeya. Ta biyu, a kitso kowane baki da ya ƙare a tsakiyar jela yana leƙowa waje, sai ki ga shuku ko kalaba da aka yi jiya ta fara gashi-gashi kamar ta kwana goma, jelar kuma ta fara da kauri ta ƙare kamar wutsiyar ɓera. Masu kitso sun san wannan sarai, shi ya sa za ki ji suna tambaya ko gashin karyewa yake yi.

Ga awon da nake yi wa kowace mace kafin in taɓa almakashi. Ki sa yatsa a wurin da kika saba ɗaura ribom, ki auna da tef daga farkon gashin goshi, ki bi ta saman kai, har zuwa yatsan. Ki ƙara inci 3 a kan abin da kika samu, domin ribom yana buƙatar abin da zai kama. Wannan adadin shi ne iyakar da gashin gaba bai kamata ya gaza ba, kuma ni da shi nake auna gashin tsakar ka ma, don ya samu nauyin kwanciya. Idan gashinki bai ma kai wannan tsawon ba tukuna, to maganar hawa ba ta taso ba.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa miki gaskiyarsa: hawa-hawa ba ya rage kaurin gindin tufka, domin duk silin da ke kai yana nan bai tafi ko'ina ba. Abin da yake ragewa shi ne jela da girman gammon da kike naɗewa. Idan damuwarki zafi ne a fatar kai a watan Maris da Afrilu, sauƙin da za ki samu kaɗan ne, kuma raba gashin gida biyu ko huɗu a kitse shi manya-manya zai fi ba ki iska.

Mataki na biyar: zaɓin kansa

Idan aka haɗa abubuwan da suka gabata, bai-ɗaya ya dace da wadda gashinta ke yawan zama a kitse, da mai rilaza wadda bakin gashinta ya sirance, da wadda kanta ya riga ya yi zagaye, da mai sili mai tauri da bai wuce kafaɗa ba. Sharaɗinsa guda ne ga gashi mai yawa: a bar shi ya sauka ƙasa da ƙashin wuya, inda nauyinsa zai ishe shi, kuma a sassauta bakin kaɗan kamar yadda zan bayyana. Dogon hawa kuwa ya dace da wadda gashinta ya wuce kafaɗa, yake da taushi ko lanƙwasa, bajewarsa take a baki, kuma tufka ta fi yawa a rayuwarta a kan ƙananan kitso.

Idan har yanzu zuciyarki ta rabu biyu, ki fara da bai-ɗaya. Dalilin lissafi ne kawai. Ana iya mayar da bai-ɗaya hawa-hawa cikin rabin sa'a, amma mayar da hawa-hawa bai-ɗaya sai an jira, gashi kuma ba ya cika yin rabin inci a wata. Inci 3 da aka cire yau zai ci wata bakwai ko takwas kafin ya dawo.

Mataki na shida: a kan kujera

Zan bi wannan mataki ta hanyar wata malamar firamare da ta zo mini daga Tumfure, domin lamarinta ya tattara kusan duk abin da na faɗa. Tana zama ta cire ɗankwali ta ce, "Anti, ki rage mini shi ko da rabi ne, na gaji. Na ma yi wa maigida magana ya amince." Na ce, "Malama, bari mu auna tukuna, abin da aka yanke ba ya komawa."

Gashinta mai lanƙwasa ne, ba rilaza, sili matsakaici, gindin tufkarta inci 5. Ya sauka kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da ƙashin wuya, duka a layi guda. Da muka wanke ya bushe, sai saman ya kwanta, ƙasan ya buɗe har ya fi faɗin kafaɗunta. Kitso take yi sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, manya guda huɗu ko shida, sauran kwanaki tufka. Daga goshinta zuwa wurin ribom inci 11 ne, don haka iyakarmu ta zama inci 14.

Na fara da baki, kuma koyaushe da shi ake farawa. Na raba gashin gida huɗu da kibiya, na riƙa sauko da shi daga ƙeya sala-sala, kowane sala bai fi kaurin yatsa ba, kanta a sunkuye kaɗan. Gashi mai yawa ba a yanke shi dunƙule guda, domin almakashi yana tura shi gaba, layin ya fito a karkace, na ciki kuma ya leƙo daga ƙasa bayan kwana biyu. Inci 1 na cire, wanda shi ne iyakar inda bakin ya tsattsage. Bayan haka gashin tsakar kanta ya tsaya a inci 17, na ƙeya a inci 9.

A bushe na yi duk aikin. Gashi mai lanƙwasa idan ya jiƙe yana miƙewa ya yi tsawon da ba nasa ba, mai yanka ta ɗauka ta bar shi a ƙashin wuya, ya bushe ya koma haɓa. Idan mai gyaranki ta fi sabawa da yankan jiƙaƙƙe, ki roƙe ta ta bar rarar inci 1 ko 2, a busar, sannan a ƙarasa.

Sai hawan. Na ɗauki ɗan sala a tsakar ka, na ɗaga shi sama sak, na auna inci 14 na yanke, wato na cire inci 3. Wannan sala shi ne jagora. Daga nan na riƙa ɗaukar sala a tsaye daga tsakar ka zuwa ƙeya, kamar yadda ake ɓare lemo, ina janyo kowanne waje ina yanke layin da ya haɗa jagoran da tsawon ƙasa. Gashin ƙeya da na bayan kunne, kamar faɗin yatsu uku, ban taɓa shi ba ko kaɗan, domin shi ne yake riƙe cikar baki. Wannan wuri ne da ake yawan kuskure: idan hawan ya ci har ƙasa, sai bakin ya koma 'yan sili kaɗan suna reto. Na gaba kuma na bar shi a inci 15, sama da iyaka, saboda gashin goshi ya fi rauni kuma ya fi saurin zamewa.

A ƙarshe na sassauta bakin. Maimakon in riƙe almakashi a kwance, sai na tsayar da tsininsa yana kallon cikin gashin, ina ɗan tsattsaga kamar rabin inci. Wannan yana sa sili su ƙare a wurare dabam-dabam kaɗan, su shige cikin juna maimakon su ture juna. Ko wadda ta zaɓi bai-ɗaya zalla ya kamata ta nemi a yi mata wannan, domin shi kaɗai yana rage buɗewar baki ba tare da an taɓa tsawo ba.

Kafin ta tashi na miƙa mata ribom na ce ta tufke da hannunta yadda ta saba, ta ɗaura ɗankwali, ta girgiza kai. Babu abin da ya fito. Gammon ya ragu, gindin kuwa yana nan inci 5 kamar yadda na faɗa mata tun farko. Da ta kwance, faɗin ƙasa ya dawo cikin kafaɗu. Kada ki bar shago ba ki yi wannan gwajin ba, kuma zai fi kyau a yi shi tun a tsakiyar aiki, bayan an yanke jagora kafin a bi sauran kan.

Maganar almakashi mai haƙora da reza

Akwai almakashin da bakinsa ɗaya yake da haƙora kamar kum, wanda yake yanke wasu sili ya bar wasu. Yana da sauri, kuma mace tana ganin tulin gashi a ƙasa ta ji daɗi nan take, shi ya sa ake yawan kai masa hannu idan an ga kai mai cika. Ina jin tsoronsa, kuma ina da dalili. Tun ina koyon aiki a wani shago na yi amfani da shi a kan ƙanwata, na shiga da shi kusa da gindi don in rage mata nauyi sosai. Ranar ta yi murna. Bayan mako shida gajerun silin da na yanke a ciki sun taso, kuma da yake gajeren sili ya fi tauri, sai suka zama kamar ginshiƙai suna ɗaga dogayen daga ƙasa. Kan ya fi da girma, kitso kuma ya ƙi yin kyau saboda tsinke-tsinken da ke fitowa daga kowace jela. Mun fi shekara muna jiran wannan ɓarna ta wuce, kuma har yau idan na ɗauki almakashin nan sai na tuna da ita.

Idan dole sai an yi amfani da shi, to a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen gashi kawai, a salan ciki, sau ɗaya ko biyu a kowane sala. Ba a kai shi saman kai, ba a kai shi wurin tsaga, ba a kai shi gashin goshi. Kuma ba a maimaita shi a kowane zuwa, domin ragin yana taruwa har bakin ya ƙare. Reza kuwa ki ce a'a kai tsaye idan gashinki mai lanƙwasa ne ko mai rilaza, saboda tana yanke sili a karkace ta bar bakinsa a fiƙe, mai saurin tsagewa da shan raɓa.

Wasu suna ba da shawarar a aske ƙeya gaba ɗaya a bar na sama ya rufe. Tabbas yana rage nauyi, amma yana bayyana da zarar an tufke, yana hana kitso, tohonsa kuma yana da wuyar sha'ani. Ga kuma hadisin da ya hana aske wani sashe na kai a bar wani, abin da malamai ke kira ƙaza'u. Ban taɓa yi wa kowa ba.

Bayan yanka: yadda za ki gane ko an dace

Ranar yanka ba ta nuna gaskiya, musamman idan an gama da diraya ko sitirecha. Ki jira wanki biyu da kika yi da hannunki, sannan ki sake ɗaukar hoto ta baya a wuri ɗaya da na farko. Idan faɗin ya sauka ya kuma ragu, an dace. Idan faɗin ya hau zuwa kunne, hawan ya yi gajarta. Idan kina ganin mataki a fili kamar an ɗora gashi a kan gashi, ba a haɗa jagora da ƙasa yadda ya kamata ba, kuma wannan yana gyaruwa cikin sauƙi ta hanyar cire kusurwar da ke tsakani. Idan kuwa kina hango riga ta cikin inci 2 ko 3 na ƙarshe, an ci ƙasa da yawa, maganinsa kuma a ɗaga bakin zuwa inda cika ta fara, ko da zai ci ɗan tsawo.

Gajeren hawa shi ne wanda ba shi da gyara sai haƙuri. Kada ki yarda a ƙara yanka don a daidaita, domin daidaitawar a nan tana nufin a gajarta komai. Ki riƙa daidaita bakin ƙasa kaɗai duk bayan wata uku, rabin inci ya isa, ki ƙyale na sama ya biyo. A wannan tsakani manyan kitso biyu ko huɗu, waɗanda aka yi da ɗan danshi da ɗan mai a baki, suna riƙe gajerun fiye da ribom, kuma idan aka kama su tun daga goshi ana tsintar kowane hawa a hanya kafin a kai ƙeya.

Malamar Tumfure ta dawo bayan wata huɗu, a tsakiyar damina. Hawan ya sauka da kusan inci ɗaya da rabi, ƙasan ya fara buɗewa kaɗan, saman kuma yana ɗan hayaƙi saboda raɓa. Ta so a ƙara hawa. Na daidaita baki da rabin inci, na mayar da jagora inci 14 inda yake a da, ban sauka ƙasa da haka ba, sauran kuma muka bi shi da sitimin.